Rubutun Na'ura a Makarantunmu: Ƙa'idar da Za Ta Sauƙaƙa wa Ɗalibi Faɗin Gaskiya

Tun ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT ga jama'a, duba jingar ɗalibai ya ɗauki wani sabon salo a jami'o'inmu. A da, idan malami ya ci karo da sakin layi mai kyau, sai ya yi murna. Yanzu kuwa abin da ke fara zuwa masa shi ne shakka. Zai tsaya yana tambayar kansa ko wannan yaro ne ya rubuta, ko kuwa wayarsa ce ta rubuta masa. Ɗalibai ma sun san haka, har wasu hazikai sun fara barin kurakurai da gangan a cikin aikinsu don kada a zarge su. Makarantar da ta kai matsayin da ƙwarewa ta zama abin tuhuma tana da matsalar da ta fi satar amsa girma.

Ina koyar da tarihi, kuma na zauna a ƙaramin kwamitin da sashenmu ya ɗora wa alhakin tsara ƙa'ida kan wannan al'amari. Matsayata ita ce a halatta amfani da ƙirƙirarriyar basira a wasu ayyukan da aka ayyana, bisa sharaɗin ɗalibi ya bayyana abin da ya yi da ita, sannan a sauya rabon maki ta yadda ɓoyewa ba za ta ƙare shi da komai ba. Faɗin haka abu ne mai sauƙi. Wuyar aikin tana wajen tsarawa, kuma can nake son mu tsaya. Sai dai kafin nan, ya kamata in bayyana dalilin da ya hana mu dogara da manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura, domin su ne abin da shugabannin makarantu ke fara tambaya.

Manhajar gano satar fasaha da muka saba da ita tana nuna wa malami hujja. Takan ce wannan jimla an kwafo ta daga littafi kaza, ga shafin, malami ya je ya gani da idonsa. Manhajar gano rubutun na'ura ba ta da wani asali da za ta nuna, domin rubutun sabo ne, ba a taɓa buga shi a ko'ina ba. Abin da take yi hasashe ne. Tana auna yadda kalmomin suke bin juna: idan kowace kalma ita ce wadda aka fi tsammani bayan ta gabanta, kuma jimlolin sun yi kusan tsawo ɗaya, sai ta ce da alama na'ura ce. Lambar da take fitarwa ƙiyasi ce, ba shaida ba, kuma ɗalibin da aka zarga da ita ba shi da abin da zai kama ya kare kansa.

Su kansu masu ƙera waɗannan abubuwa sun san iyakarsu. A Janairun 2023 kamfanin OpenAI ya fitar da tasa manhajar ganowa, kuma ya faɗa da bakinsa cewa kashi 26 cikin 100 kacal na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. A Yulin shekarar ya janye ta saboda rashin inganci. Kamfanin Turnitin, wanda jami'o'i da dama ke amfani da shi, ya ce kuskurensa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka ta ɗauki wannan adadi ta yi lissafi da shi: a 2022 ta tura takardu kimanin 75,000 cikin manhajar, saboda haka kashi 1 yana nufin takardu wajen 750 da za a iya zargin masu su bisa kuskure. A Agustan 2023 ta kashe wannan sashe na manhajar.

Akwai binciken da ya fi shafarmu kai tsaye. A 2023 wasu masana a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai da insha'i 91 da waɗanda Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne suka rubuta don jarrabawar TOEFL. A matsakaici, manhajojin sun ce kimanin kashi 61 cikin 100 na waɗannan rubuce-rubuce na'ura ce ta yi su, alhali mutane ne suka rubuta. Rubutun yaran Amurka kuwa sun gane shi kusan ba kuskure. Dalilin bai ɓuya ba. Wanda ya koyi Ingilishi a aji yana amfani da kalmomi kaɗan da jimlolin da ya tabbatar da ingancinsu, kuma wannan shi ne abin da manhajar ke ɗauka alamar na'ura. Ɗalibinmu da ya taso da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, ya yi ƙoƙari ya rubuta Ingilishi mai tsafta, shi ne ya fi zama a bakin tarkon. Mai wayon da ya sa na'ura ta rubuta masa, sannan ya sa wata ta jujjuya kalmomin, yakan wuce salin alin.

To, a hana baki ɗaya mana, in ji wasu abokan aikina. Hanin yana da kyau a takarda. Amma dokar da ba ka da hanyar tabbatar da ita, masu tsoron Allah kaɗai take ɗaurewa. Su za su kwana suna fama da aiki, sauran su gama a minti goma su samu maki fiye da nasu. Bayan haka, hanin yana rufe bakin kowa. Ɗalibar da ta sa manhaja ta gyara mata nahawu kawai tana cikin laifi ɗaya da wanda bai rubuta ko harafi ba, don haka dukkansu za su yi shiru, malami kuma ya rasa damar ce wa ɗaya wannan ya halatta, ya ce wa ɗayan wannan zai cutar da kai.

Ba mu muka fara tunanin wata hanya ba. A farkon 2023 hukumar International Baccalaureate, mai shirya jarrabawar kammala sakandare a ƙasashe da yawa, ta ce ba za ta haramta waɗannan manhajoji ba, amma duk abin da ɗalibi ya ɗauko daga gare su dole ya nuna shi a fili kamar yadda ake nuna abin da aka ciro daga littafi. Jami'ar Sydney ta Ostireliya ta raba ayyukan auna ɗalibai gida biyu: waɗanda ake yi ƙarƙashin idon malami, da waɗanda ake yi a buɗe, inda aka yarda da amfani da na'ura. Wannan rabo shi ne tubalin farko na ƙa'idar da muka tsara, ko da yake mun daidaita shi da halin da muke ciki na cunkoson aji da ƙarancin wuta.

Mun sa kowane aiki ya faɗa cikin ɗayan matakai uku, kuma wajibi ne malami ya rubuta matakin a saman takardar tambaya. Mataki na ɗaya shi ne aikin da babu na'ura a cikinsa ko kaɗan. Sharaɗinsa guda ne: a yi shi a aji, a gaban malami. Malami ba shi da izinin bayar da aikin gida ya kira shi mataki na ɗaya, domin yin haka komawa ne ga dokar da ba a iya tsarewa. Mataki na biyu shi ne wanda ɗalibi zai iya neman taimako wajen fahimtar darasi, ko tsara tunani, ko gyaran harshe, amma hujjoji da jimlolin asali nasa ne. Mataki na uku shi ne wanda aka yarda na'ura ta samar da daftari, aikin ɗalibi kuma ya zama tantancewa da gyara da suka. Mun tsaya a uku ne saboda ƙa'idar da ɗalibi ba zai iya riƙewa a ka ba, ba zai bi ta ba.

Tubali na biyu shi ne bayanin da ɗalibi zai maƙala a ƙarshen aikinsa. Tambayoyi huɗu ne, kowacce a amsa ta da layi ɗaya ko biyu: wace manhaja ka yi amfani da ita, me ka sa ta yi maka, wane ɓangare na aikin abin ya shafa, kuma me ka bincika da kanka ka gyara. Kowa zai cike, har wanda bai taɓa na'ura ba, shi sai ya rubuta cewa bai yi amfani da komai ba. Wannan ƙaramin abu yana da muhimmanci. Idan masu amfani da manhaja kaɗai ke cike takardar, to takardar ta zama tambarin laifi, duk wanda ya maƙala ta ya nuna kansa. Idan kowa na cikewa, ta zama kamar rubuta lambar rajista. Ba mu nemi a kawo kwafin duk abin da aka yi da manhajar ba, domin babu malamin da zai karanta shafuka ɗari na irin wannan, kuma ɗalibai suna saurin gane takardar da ba a karantawa.

Tubali na uku shi ne wanda muka fi jayayya a kai, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Mun rubuta cewa ba za a rage wa ɗalibi maki ba saboda abin da ya bayyana, kuma ba za a yi amfani da bayaninsa a matsayin hujjar gurfanar da shi ba. Ko da ya bayyana cewa ya wuce iyakar matakin da aka ba shi, hukuncinsa shi ne ya sake aikin, ba a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa ba. Laifin da ake hukuntawa shi ne bayanin ƙarya. Wani abokin aikina, wanda ya girme ni a koyarwa, ya ce mini: “Dakta, wannan ai buɗe ƙofa ce. Yaro ya yi abin da ya ga dama, ya zo ya ce na yi, mu ce Allah ya yi maka albarka?” Na ce masa, ranka ya daɗe, ƙofar a buɗe take tun tuni, abin da ya rage mana shi ne mu san wanda ke shiga da wanda ke fita.

Akwai dalilin da ya sa na dage a kan wannan. A makarantar koyon kasuwanci ta King's College da ke Landan an wajabta irin wannan bayani a kan takardar miƙa aiki, amma wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin 100 na ɗaliban ba su cike gurbin ba. Daga cikin dalilan da suka bayar akwai tsoron kada bayanin ya jawo musu hukunci ko ragin maki, da rashin fayyace ƙa'idar, da bambancin yadda malamai ke aiwatar da ita. Darasin a fili yake. Ɗalibi mai lissafi ne. Idan faɗin gaskiya na iya cin makinsa, shiru kuma ba ya cin komai, zai yi shiru. Shi ya sa muka ƙara cewa malami zai ba da makin aikin kafin ya juya ya karanta bayanin, don kada abin da ya gani ya karkatar da alƙalaminsa ko da bai yi niyya ba.

Tubali na huɗu shi ne alhaki. Duk abin da ke cikin takardar da ke ɗauke da sunanka, kai ne za ka amsa shi. Idan shekara ta zo ba daidai ba, ko aka ambaci littafin da babu shi a duniya, ba a karɓar uzurin cewa manhaja ce ta kawo. Waɗannan manhajoji suna haɗa kalmomi ne bisa abin da ya fi dacewa ya biyo baya, don haka sukan ƙirƙiro sunan marubuci da na littafi da shekarar bugu masu kama da gaskiya, musamman a fagagen da rubutu ya yi ƙaranci a intanet, irin tarihin garuruwanmu. Wannan rauni nasu ya zama mana abin aiki. Ƙagaggen littafi a jerin manazarta hujja ce da ake iya tabbatarwa a ɗakin karatu, ba kamar lambar da manhajar ganowa ke fitarwa ba.

Tubali na biyar shi ne rabon maki, kuma a nan ne ake cire wa ɓoyewa riba. A darasin da nake koyarwa jarrabawar ƙarshen zango tana da maki 70, ayyukan cikin zango kuma 30. Daga cikin 30 ɗin, 10 na gwajin aji ne, 20 na jinga. A da, duka 20 ɗin suna kan takardar da ɗalibi ya kawo daga gida. Yanzu mun kasa su uku. Maki 4 na tsarin aikin ne, wanda ɗalibi zai rubuta da hannu a aji kafin ya fara: mece ce hujjarsa, kuma waɗanne littattafai zai duba. Maki 8 na jingar kanta ne. Sauran 8 na kariya ne: ranar miƙa aiki, a ajiye wayoyi, kowa ya ɗauki minti ashirin ya amsa tambayoyi uku kan abin da ya rubuta. Ke nan 12 daga cikin 20 ana samun su ne a gaban malami. Wanda ya sa aka rubuta masa bai karanta ba, mafi yawan makin ya riga ya kuɓuce masa ba tare da kowa ya zarge shi da komai ba.

Bari in nuna yadda abin ya kasance a aikace. Na ba ɗalibai 120 jinga a mataki na biyu, kan yadda Basasar Kano ta shekarun 1890, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, ta shafi ƙarfin masarautar lokacin da Turawa suka iso a 1903. Tambayoyin kariya uku ne: faɗi babbar hujjarka a jimla biyu, kawo littafi ɗaya da ka duba da abin da ka samu a cikinsa, sannan ka bayyana inda Sarki Alu yake ranar da aka ci birnin da abin da hakan ya haifar.

Wata ɗaliba ta bayyana cewa ta rubuta daftarinta da Hausa, ta sa manhaja ta taimaka mata wajen mayar da shi Ingilishi, sannan ta bi jimla bayan jimla ta gyara inda aka juya mata ma'ana. Ingilishin jingar sumul yake, irin wanda a da zai sa in yi shakka. A takardar kariya Ingilishinta ya yi rauni, amma ta amsa komai. Ta san cewa an ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, cewa Sarki Alu ba ya cikin birnin a lokacin domin ya tafi Sakkwato, kuma cewa Waziri Ahmadu ya rasu a karon Kwatarkwashi bayan haka. Ta ambaci littafin Adamu Fika na 1978 kan Basasar, ta faɗi abin da ta ɗauka daga ciki. Ta samu 17. Bayaninta ya kuma nuna mini inda take buƙatar taimako, wato rubutun Ingilishi, na faɗa mata cewa a zauren jarrabawa babu mai fassara mata, don haka ta fara rubuta daftarin da kanta ta bar gyaran a ƙarshe.

Wani ɗalibi ya rubuta cewa manhaja ce ta samar masa da sakin layi uku na tsakiya. Wannan ya wuce iyakar mataki na biyu, kuma shi da kansa ya faɗa. A cikin sakin layin an ce Lugga ne ya jagoranci sojojin da suka shiga birnin, alhali Kanar Morland ne, Lugga ya iso daga baya. Na kira shi, na nuna masa kuskuren, na ba shi mako guda ya sake waɗannan sassa. Ya sake, aka duba sabon aikin kamar na kowa, ya tashi da 12. Abin da ya koya a wannan mako, cewa rubutu mai santsi na iya ɗauke da ƙarya, ya fi duk wata lacca da zan yi masa a kai.

Na uku ya rubuta cewa bai yi amfani da komai ba. Jingarsa ta fi ta kowa ƙyalli, amma a kariya ya samu 1 cikin 8, bai ma iya faɗin hujjar da ke shafinsa na farko ba. Ƙa'idarmu ta ce duk wanda ya samu ƙasa da 3 a kariya, za a dakatar da makin jingarsa sai an zauna da shi, kuma malamai biyu ne za su zauna. Ba mu tambaye shi ko na'ura ce ta rubuta ba. Mun ce ya kawo biyu daga cikin littattafan da ya lissafa, ko ya faɗi inda ya gan su. Ɗaya daga ciki babu shi ko'ina, sunan marubucin na gaske ne amma bai taɓa rubuta littafi mai wannan suna ba. A kan wannan aka soke makin jingar, aka kai batun ga shugaban sashe. Laifin da aka rubuta masa shi ne ƙagaggen manazarci, abin da kowa zai iya zuwa ya duba. Ko na'ura ce ta rubuta masa, ko wani ɗan kasuwar rubuta jinga da ke bakin ƙofar jami'a, hukuncin ɗaya ne, kuma ba mu buƙaci sanin wanne ne ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A karatun zaure, malami ba ya tambayar almajiri wanda ya taya shi bita da daddare. Yakan ce ya buɗe littafi ya biya, ya fassara, kuma a nan ake gane wanda ya fahimta. A jami'a ma muna kare kundin digiri a gaban malamai. Abin da muka yi kawai shi ne sauko da wannan al'ada daga shekarar ƙarshe zuwa ayyukan kowane zango, a ƙaramin sikeli.

Tsarin yana da tsada, kuma lokacin malami ne kuɗinsa. Da farko an ba da shawarar a yi wa kowane ɗalibi tambayar baka ta minti biyar. Ga mutum 120 wannan awa goma ke nan, a darasi ɗaya, ga malamin da ke da darussa huɗu. Shi ya sa muka koma ga rubutacciyar kariya ga kowa, sannan a zaɓi kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar ƙuri'a don tambayar baka, wato mutum 24, awa biyu. Ƙuri'ar tana da amfani biyu: kowa zai shirya domin bai san ko shi za a kira ba, kuma kiran ba ya nufin ana zarginka. Duk da haka, duba takardun kariya 120 ƙarin aiki ne, don haka muka rage tsawon jingar daga shafi takwas zuwa huɗu. A ajin da ya kai mutum ɗari biyar ko dubu, irin na darussan gama-gari, wannan ma ba zai yiwu ba, kuma gaskiyar magana ita ce a irin wannan aji gara a bar jingar gida a koma ga gwaji a zaure.

Akwai kuma abin da tsarin ba ya magancewa. Ɗalibin da ya sa na'ura ta rubuta masa, sannan ya zauna ya karance aikin ya fahimce shi, ya duba littattafan, zai tsallake kariya ko da ya ɓoye. Na yarda da wannan asara, domin aƙalla ya san tarihin da aka ce ya sani. Amma bai koyi ƙera hujja daga farko ba, kuma rubutu hanya ce ta koyon tunani. Maganin wannan shi ne kada mataki na ɗaya ya yi ƙaranci, musamman a shekarar farko da ta biyu. A makarantun sakandare kuwa ya kamata ya zama shi ne mafi rinjaye, domin yaron da bai iya gina sakin layi da kansa ba, ba shi da ma'aunin da zai gane ko abin da aka ba shi mai kyau ne. Hukumar UNESCO ma, a jagorar da ta fitar a 2023, ta ba da shawarar kada a bar yaran da ba su kai shekara 13 ba su yi amfani da waɗannan manhajoji su kaɗai.

Sai batun adalci. Cikin ajina akwai mai kwamfuta da data ba yankewa, akwai kuma wanda ke cajin ƙaramar wayarsa a shago. Saboda haka muka rubuta cewa halattawa ba wajabtawa ba ce: babu aikin da za a tilasta amfani da manhaja a cikinsa, sai idan sashe ya tanadi wurin da kowa zai samu. Mun kuma rage makin da ake bayarwa don ƙyallin harshe, muka ƙara na hujja da ingancin manazarta, domin ƙyallin harshe shi ne abin da mai kuɗi ya fi saurin saye. Haka nan mun gargaɗi masu binciken fili kada su zuba sunaye da bayanan mutanen da suka yi hira da su cikin kowace manhaja, domin amana ce aka ba su.

Abu na ƙarshe da muka sa ya shafe mu ne, mu malamai. Idan malami ya yi amfani da waɗannan manhajoji wajen shirya takardun darasi ko tambayoyin gwaji, shi ma ya faɗa wa ajinsa. Ɗalibai suna gane rubutun na'ura a takardun da muke raba musu fiye da yadda muke zato, kuma ba za su ɗauki ƙa'idar bayyanawa da daraja ba daga hannun wanda ke ɓoye tasa.

Ga sashe ko makarantar da ke son gwadawa, shawarata ita ce kada a jira doguwar takarda daga sama. A rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya, a karanta wa ɗalibai ita a makon farko, a kawo misalai na abin da ya halatta da wanda ya wuce iyaka, kuma dukkan malaman sashen su yi aiki da ita iri ɗaya. A ƙarshen zango a ƙirga ɗalibai nawa ne suka bayyana cewa sun yi amfani da manhaja. Idan adadin ya yi ƙasa ƙwarai, kada a yi murna, domin alama ce cewa har yanzu ɗalibai ba su amince bayanin ba zai cutar da su ba, kuma a nan ne gyara na gaba zai fara. Iyayen da suka tura mana 'ya'yansu, da al'ummar da za ta miƙa musu aji ko asibiti ko kotu gobe, suna da haƙƙin mu tabbatar cewa shaidar da muka sa wa hannu tana nufin mai ita ya san abin da aka rubuta a kanta.